Daga Takardar Babban Banki Zuwa Teburin Kashiya: Yadda Ake Tsefe Umarni Ya Zama Aiki

Ranar Talata, 6 ga Disamba, 2022, Babban Bankin Najeriya ya aika wa bankuna wata gajeriyar takardar umarni, irin wadda ma'aikatan ofis ke kira sakula. Daraktan sashen sa ido kan bankuna, Haruna B. Mustafa, shi ya sa mata hannu. Kafin gari ya waye maganarta ta cika rediyo da majalisun hira, kuma abu ɗaya kowa ya riƙe: daga 9 ga Janairu, 2023, mutum ba zai cire tsabar kuɗi sama da naira 100,000 a mako a kantar banki ba, kamfani kuwa naira 500,000, sai dai in zai biya caji. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da dillalin shanu a Maigatari, waɗanda cinikinsu na rana guda kan ninka wannan adadi sau da yawa, sun ji abin a jikinsu tun kafin ya fara aiki.

A cikin banki kuwa akwai wani mutum da ba haka yake karanta takardar ba. Shi ne jami'in sashen kula da bin ƙa'ida. Ba ruwansa da ko umarnin ya yi daɗi ko bai yi ba. Abin da ke gabansa shi ne saura kwana 34, kuma a safiyar ranar da aka ambata dole kowane kashiya a kowane reshe, da kowace na'urar ATM, su riƙa yin abin da takardar ta ce. Takarda ba ta sauya lissafin kwamfuta, ba ta koya wa kashiya abin da zai gaya wa mai asusu. Sai wani ya zauna ya tsefe ta, ya mai da ita jadawali: wane aiki ne, wa zai yi, yaushe zai gama, kuma da me za a shaida an yi.

Kafin ya taɓa adadin kuɗin, jami'in da ya san aikinsa yakan fara da saman takardar da ƙasanta. A sama akwai lambar takarda, da kwanan wata, da waɗanda aka rubuta wa. Wannan ta haɗa manyan bankunan kasuwanci da ƙananan bankunan ba da rance da na lamunin gidaje da na biyan kuɗi. Sai dai kasancewar sunanka a sama bai nuna kowane sakin layi naka ba ne. Ƙaramin bankin da ba shi da ATM ko ɗaya ba abin da zai yi da umarnin ATM, amma ba zai tsallake shi ya yi shiru ba. Zai rubuta shi a jadawali, ya ce bai shafe shi ba, ya faɗi dalili, domin ranar da masu bincike suka zo, gurbin da aka bari fayau ba ya bambanta wanda ya duba da wanda ya manta. A ƙasan takardar kuma ake samun ranar fara aiki, da gargaɗin cewa duk wanda ya taimaka aka kauce wa umarnin zai fuskanci hukunci mai tsanani.

Daga nan sai tsifar kanta. Takardar tana da umarni shida masu lamba, da takardun shaida biyar da za a karɓa daga mai son cire kuɗi sama da ƙa'ida, da wasu tunatarwa uku. Malalaci zai kwafe su yadda suke ya ce ya gama jadawali. A nan kuskure mafi yawa yake, saboda jimla ɗaya ta hukuma kan ɗauko aiki uku ko huɗu a ciki, kowanne da teburin da zai sauka a kai.

A duba umarni na farko. Ya ce iyakar abin da za a cire a kanta a mako naira 100,000 ne ga mutum, 500,000 ga kamfani, kuma abin da ya haura zai jawo cajin kashi 5 cikin 100 ga mutum, kashi 10 ga kamfani. Jimla biyu ke nan. Amma kafin su zama gaskiya, sai sashen kwamfuta ya sa manhajar banki ta riƙa tara abin da kowane mai asusu ya cire a mako, ko da a reshen Kano ya cire ranar Litinin, ya ƙara a reshen Kaduna ranar Alhamis. Sai an tabbata kowane asusu yana ɗauke da alamar ko na mutum ne ko na kamfani, wanda aikin masu kula da bayanan abokan ciniki ne. Sai sashen lissafi ya buɗe gurbin da cajin zai riƙa shiga. Sai sashen da ke kula da rassa ya rubuta wa kashiyoyi sabon tsarin aiki ya koya musu. Sai sashen hulɗa da jama'a ya sanar da masu asusu. Layi biyar daga umarni ɗaya, kuma in ɗaya ya faɗi sauran huɗun sun tashi a banza. Manhaja na iya yin lissafi daidai, amma in kashiya bai san dalilin cajin ba, rigima ce a kanta tun ƙarfe tara na safe.

Haka sauran suke. Umarnin da ya ce kada a zuba wa ATM takardar kuɗin da ta wuce naira 200 ba na sashen kwamfuta kaɗai ba ne. Akwatunan cikin na'urar an saita su ne da irin takardar da ake zuba musu, saboda haka sai injiniya ya je ya sake saiti. Sannan masu kula da ma'ajiyar kuɗi su nemo isassun 'yan ɗari bibbiyu, su kuma sake tsarin zubi, tun da akwatin da ke ɗaukar 'yan dubu zai ɗauki kashi ɗaya ne cikin biyar na wannan kuɗi in aka cika shi da 'yan ɗari biyu. Takardar ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya san yadda na'urar ke aiki ne zai hango su, shi ya sa jami'in bin ƙa'ida ba ya rubuta jadawali shi kaɗai a ofis. Yakan yi daftari, ya tara wakilan sassa, kowa ya faɗi abin da jimlar ke nufi a teburinsa. Mai tsifa da kyau zai fitar da layi sama da ashirin daga wannan gajeriyar takarda.

Ba duk jimlolin ne nauyinsu ɗaya ba. Wasu dole ne, wasu hani ne, kamar hana biyan cek ɗin da aka rubuta wa wani a kanta in ya wuce naira 50,000. Wasu tunatarwa ce kan dokar da take nan tun da, kamar wajibcin sanin abokin ciniki da kai rahoton hada-hadar da ake zargi. Wata kuma shawara ce kawai: a ƙarfafa wa mutane gwiwa su yi amfani da waya da kati da eNaira. Jadawali mai kyau yana da gurbin da ke nuna wannan bambanci, don kada a kashe ƙarfi kan shawara a bar abin da ke jawo tara.

Gurbin da ya fi kowane haddasa gardama shi ne na mai aiki. Ƙa'idar masu wannan sana'a gajera ce: layi ɗaya, mai shi ɗaya. Ana iya rubuta sassan da za su taimaka a gefe, amma wanda za a tambaya mutum ɗaya ne, kuma da muƙaminsa ake rubuta shi, don aikin ya ci gaba ko an yi masa canjin wurin aiki. Duk layin da aka rubuta wa "dukkan sassa" ko "sashen kwamfuta da na rassa" ya zama jakin gayya, kowa na zaton ɗan'uwansa ya ba shi ruwa. Akwai kuma wani tarko da mai wannan rubutu ke ganin ya fi shi muni, wato a jibge komai a kan sashen bin ƙa'ida, don shi ya kawo takardar. Wannan sashe ba ya saita ATM, ba ya biyan cek. Aikinsa ya fassara, ya raba, ya bi sawu, ya kai wa shugabanni rahoto. In ya zama shi ne mai yi kuma shi ne mai dubawa, babu sauran mai dubawa.

Akwai layin da mai shi ya ba da mamaki. Takardar ta ce in larura ta kama, sau ɗaya a wata, mutum na iya cire har naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, amma sai an kawo katin shaida, da lambar BVN, da bayanin dalilin cirewar wanda lauya mai hatimi ya tabbatar, da amincewar shugaban kamfanin in kamfani ne, sannan da rubutacciyar amincewar shugaban bankin kansa. A kan takarda wannan na ƙarshe kalmomi kaɗan ne. A aikace yana nufin buƙatar wani ɗan kasuwa a reshen Gusau sai ta isa teburin shugaban banki, wanda galibi yana Legas ko Abuja, ta dawo. Dole jadawali ya buɗe wa ofishin shugaban layinsa: ta wace hanya buƙata za ta riƙa zuwa, wa zai tace ta, cikin awa nawa za a mai da amsa, wa zai ɗora takardun a shafin da Babban Banki ya tanada. In ba a yi haka ba, mai kuɗi zai wuni a benci yana jiran sa hannun da babu wanda ya san hanyarsa.

Sai batun ranaku, inda mutane da yawa ke zaton abu ne mai sauƙi tun da takardar ta ce 9 ga Janairu. Ai ranaku iri uku ne a cikinta. Akwai ranar fara aiki. Akwai mai maimaituwa, domin an ce a riƙa aika wa sashen sa ido rahoton duk cirewar da ta haura ƙa'ida kowane wata. Akwai kuma wadda ba ta kan kalanda, wadda ke tasowa duk lokacin da wani ya zo neman kuɗi sama da iyaka. Wanda ya rubuta 9 ga Janairu a gaban kowane layi ya rufe idonsa ga biyun ƙarshe, kuma su ne ke kama banki bayan watanni, lokacin da hayaniya ta lafa kowa ya koma harkarsa.

Ita kanta 9 ga Janairu ranar hukuma ce. Ranar banki dole ta riga ta. Litinin ce, saboda haka ranar aiki ta ƙarshe kafin ita Juma'a ce, 6 ga wata. Daga nan ake lissafi da baya: in za a kunna sabon saiti a ƙarshen wannan mako, sai an gama gwaji kafin nan, in za a yi gwaji, sai an gama rubuta sauyin, in za a rubuta sauyin, sai an amsa tambayoyin da takardar ta bari a buɗe. Kowane layi yana bukatar ranaku biyu ke nan, ta hukuma da ta cikin gida.

Tambayoyin da aka bari a buɗe ba ƙananan abubuwa ba ne. Mene ne mako? Daga Litinin zuwa Lahadi, ko kwana bakwai daga ranar da mutum ya fara cira? Kwamfuta ba ta san "mako" ba sai an gaya mata. Cajin kuma, a kan duka kuɗin ne ko a kan abin da ya haura? A ɗauki ɗan kasuwar da ya cire naira 800,000 a mako ɗaya. A ƙarƙashin wannan takarda, in a kan rarar ne, kashi 5 na naira 700,000 zai biya, wato 35,000. In a kan duka ne, 40,000. Tun da aka fara tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, a kan rarar ake ɗora irin wannan caji, kuma jami'i mai hankali zai bi wannan. Amma zai rubuta fassarar da ya ɗauka a jadawali, da dalilinsa, da wanda ya amince, in da hali ya nemi bayani a rubuce daga hukumar. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar mai rubuta manhaja ya yanke hukunci shi kaɗai da tsakar dare, don kawai babu wanda ya ba shi amsa.

To, ana cikin wannan shiri sai labari ya sauya. Ƙorafi ya yi yawa, majalisun tarayya biyu suka sa baki, kuma ranar Laraba, 21 ga Disamba, kwana 15 kacal bayan ta farko, Babban Banki ya fitar da sabuwar takarda wadda ta ce ta maye gurbin waccan. Iyakar mako ta koma naira 500,000 ga mutum, miliyan 5 ga kamfani. Caji ya sauko zuwa kashi 3 da kashi 5. Iyakar cek a kanta ta tashi zuwa naira 100,000. Ranar fara aiki kuwa ba ta motsa ba, tana nan 9 ga Janairu. Saura kwana 19 a kalanda, amma in aka cire ranakun Asabar da Lahadi da hutun 26 da 27 ga Disamba da na 2 ga Janairu, ranakun aiki tara ne suka rage a tsakani, a daidai lokacin da bankuna ke rufe lissafin shekara.

A nan ne ake gane jadawalin da aka gina da kyau. In kowane layi yana ɗauke da lambar takarda da lambar sakin layin da ya fito, aikin yini ɗaya ne: a ajiye takardun biyu gefe da gefe, a bi layi-layi, a ga wanda ya sauya, wanda ya mutu, da wanda aka haifa. Sauyin adadi shi ne mai sauƙi. Ɗan kasuwarmu mai naira 800,000 yanzu rararsa 300,000 ce, cajinsa 9,000. Abin da ke da wuyar gani shi ne wasu kalmomi da jaridu ba su damu da su ba: sabuwar iyakar ta haɗa dukkan hanyoyin cire kuɗi. A takardar farko kanta na da iyakarta, ATM na da tata, naira 20,000 a rana da 100,000 a mako, POS ma naira 20,000 a rana. Yanzu kwando ɗaya ne. Abin da mutum ya cire a kanta, da na ATM, da wanda ya karɓa wurin mai POS a bakin kasuwa, duk sai an tara su wuri guda. Ga mai asusu wannan sauƙi ne aka yi masa. Ga sashen kwamfuta sabon aiki ne da ya fi na farko wuya, domin hanyoyin nan ba lallai ne su bi ta manhaja ɗaya ba. Wanda ya goge 100,000 ya rubuta 500,000 ya tafi hutu bai karanta takardar ba.

An haifi wani layin kuma a jerin takardun shaida: lambar biyan haraji ta TIN, ta mai biya da ta wanda ake biya. Bayanin da lauya zai tabbatar ya fita daga jerin. Umarnin 'yan ɗari biyu a ATM da sharaɗin sau ɗaya a wata ba su sake bayyana ba. Irin waɗannan layukan ba a goge su. Ana rufe su ne, a rubuta cewa takardar 21 ga Disamba ta shafe su, a kuma sanar da mai layin da baki da rubutu. In aka yi sakaci da wannan, injiniya zai ci gaba da zagaye yana sauya akwatunan ATM, kashiya a wani reshe mai nisa zai ci gaba da mai da mutane su nemo hatimin lauya, kan dokar da ta riga ta mutu. Bin umarnin da aka soke shi ma saɓa ƙa'ida ne, kuma talakan da aka wahalar ne ke biyan kuɗinsa.

Gurbi na ƙarshe a jadawalin shi ne na shaida, kuma shi aka fi mantawa. "An yi" ba shaida ba ce. Shaidar layin manhaja ita ce sakamakon gwaji: an cire naira 500,000 babu caji, an ƙara 10,000 an ga cajin naira 300 ya fita. Shaidar horar da kashiyoyi ita ce takardar halarta da sa hannunsu. Shaidar rahoton wata ita ce kwafinsa da alamar an karɓa. Ba mai layin ne ke rufe layinsa ba. Shi zai kawo shaida, wani ya duba, daga baya masu odita na cikin gida su ɗebi wasu su sake gwadawa.

Mai karatu da ba ma'aikacin banki ba zai iya gane jadawali mara lafiya da kallo ɗaya. Aikin da aka rubuta da kalmomi irin su "a tabbatar da bin umarni" ba aiki ba ne, kwafin takardar ne. Rana da aka rubuta "nan take" ko "ana kai" ba rana ba ce. Layin da ya yi wata uku yana "saura kaɗan" akwai abin da ake ɓoyewa a bayansa. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa layi ɗaya ga ma'aikacin da bai taɓa ganin takardar ba, a tambaye shi me zai yi gobe da safe. In ya tsaya yana sosa ƙeya, layin na bukatar ƙarin tsifa.

Adadin da aka kawo a nan na wancan lokaci ne. Babban Banki ya ci gaba da fitar da wasu takardun kan tsabar kuɗi, ciki har da ta Disambar 2024 wadda ta kayyade abin da mutum zai karɓa wurin masu POS a rana zuwa naira 100,000. Saboda haka duk wanda ke riƙe da irin wannan jadawali, ko a babban banki yake ko a ƙaramin bankin unguwa, ko shi ne mai kula da wakilan POS, ya buɗe shi yau ya duba lambar takardar da ke gaban kowane layi, ya tabbatar ita ce ke aiki har yanzu.